Littafin aiki: raba reshiyo da obita a shari'ar Mojekwu

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Hajiya, lauyar da nake aiki a ƙarƙashinta, ta ba ni aikin da zai ci mini watan nan. Muna da ƙarar gado a Babbar Kotu a nan Jos: magidanci ya rasu ba wasiyya, ya bar 'ya'ya mata kaɗai, ƙaninsa kuma ya ce a al'adarsu mace ba ta gadon gida. Mu muna ɓangaren 'ya'ya matan ne. Gado ne na al'ada, ba na Musulunci ba, don haka hukunce-hukuncen kotuna kan al'ada za mu nema. Tana son taƙaitawar kowace shari'a kada ta wuce shafi biyu, kuma a kowacce in ware mata abu biyu. Na farko reshiyo, wato ƙa'idar shari'ar da hukuncin ya tsaya a kanta, wadda ke ɗaure ƙananan kotuna. Na biyu obita, maganar da alƙali ya yi a kan hanya, wadda ana iya jan hankalin kotu da ita amma ba ta tilasta wa kowa.

Ta ce in fara da Mojekwu v. Mojekwu (1997) 7 NWLR (Pt. 512) 283, tunda ita kowa ke ambata in ana zancen gadon mata. "Kada ka kawo mini abin da ya yi maka daɗin ji," in ji ta, "kawo mini abin da zan tsaya a kansa a gaban alƙali ba tare da lauyan ɗaya ɓangaren ya ture ni ba." Na ce to, ranki ya daɗe.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na yi fotokwafin hukuncin daga kundin ofis, tare da wasu uku da zan buƙata nan gaba. Kuɗi: naira 4,800, har da biro ja da kore. Ja na reshiyo, kore na obita. Abin da ba ko ɗaya ba, kamar tarihin ƙarar da hujjojin lauyoyi, fensir ya ishe shi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Karatun farko, ban shafa wa komai launi ba. Abin da na fitar kawai shi ne wa ya nemi me, a kan wane dalili, kuma me kotu ta ba shi.

Wani mutumin Nnewi ya samu fili a Onitsha daga dangin Mgbelekeke a bisa tsarin hayar goro. A wannan tsarin ana miƙa wa masu ƙasa goro ko ɗan abin da ke madadinsa, mutum ya zauna ya yi gini, zaman kuma ya wuce ga magadansa. Mutumin ya rasu, ɗansa namiji ma ya rasu, aka bar mata. Sai ɗan ɗan'uwan mamacin ya kai ƙara cewa filin nasa ne a ƙarƙashin al'adar Nnewi da ake kira oli-ekpe, wadda ta ce in mutum bai bar ɗa namiji ba, dukiyarsa ta koma ga ɗan'uwansa namiji ko ɗan ɗan'uwan, ko da akwai 'ya'ya mata. Babbar Kotu ta kori ƙararsa. Ya ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Enugu, can ma ya faɗi. Mai Shari'a Niki Tobi ne ya rubuta hukuncin jagora.

Na rubuta umarnin ƙarshe a saman takardata da manyan baƙi: an kori ɗaukaka ƙarar. Duk jimlar da zan shafa wa ja sai ta nuna mini yadda ta kai kotu ga wannan umarnin.

Talata, 11 ga Nuwamba

Yau na zauna kan jerin da ke gaban rahoton, inda masu tattara hukunce-hukunce ke jero abubuwan da kotu ta faɗa da lamba ɗaya, biyu, uku. A kotu kullum za ka ji lauya ya miƙe ya ce "reshiyo na 4", alhali lambar nan ta editan rahoto ce, ba ta alƙali ba. Edita yana tsinto duk wata magana ta shari'a da ya ga za ta amfani mai bincike, ko hukuncin ya dogara da ita ko bai dogara ba. Aikinsa ke nan kuma yana da amfani wajen nemo shafi. Amma jerin ba ya gaya maka wacce ce ta yanke ƙarar.

Da na koma cikin hukuncin kansa, sai na ga dalilai biyu ne ke neman jan biro.

Na ɗaya: dokar da ke mulkin gadon wannan filin ita ce ta wurin da filin yake, wato tsarin hayar goro na dangin Mgbelekeke a Onitsha, ba al'adar garin su mamacin ba. A wannan tsarin kuwa 'ya'yan mai haya ne ke gado, maza ko mata, muddin magajin ya sake kai goro aka karɓa.

Na biyu: sanannen sashen nan da Mai Shari'a Tobi ya yi tir da oli-ekpe, ya ce ba sai an je Beijing, inda aka yi taron mata na duniya a 1995, ba kafin a gane cewa irin wannan al'ada ba ta dace da zamani ba, kuma ta saɓa wa adalci da lamiri nagari. Sashen yana da zafi, yana da daɗin karatu, shi ne ake kwafa a littattafan makaranta. Tun muna aji uku a jami'a shi aka sa muka haddace.

Na bar dukansu da fensir tukuna.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ba wuta tun safe, janareto kuma ba mai. Na karanta hukunce-hukuncen sauran alƙalan biyu a bakin taga. Sashe na 294(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowane alƙalin Kotun Ƙoli ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara ya rubuta ra'ayinsa ko ya rubuta cewa ya ɗauki na wani, 294(3) kuma ya ce rinjaye ne ke yanke hukunci. Shi ya sa ba na tsallake su a kowace shari'a. In mai mara baya ya kawo wani sabon dalili da sauran ba su taɓa ba, nasa ne shi kaɗai, ba na kotu ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ranar da aikin ya cije.

Na ɗauko gwajin Wambaugh, wanda aka koya mana a darasin hanyoyin shari'a. Ga yadda yake: ka rubuta ƙa'idar da kake zaton ita ce reshiyo, ka juya ta ta koma kishiyarta, sannan ka tambayi kanka, da kotu ta yarda da kishiyar, hukuncin zai canza? In zai canza, reshiyo ce. In ba zai canza ba, obita ce.

Na fara da dalili na biyu. Na juya shi: a ce oli-ekpe al'ada ce ingantacciya, ba ta saɓa wa komai ba. Ɗan ɗan'uwan zai ci filin? A'a. Al'adar Nnewi ba ita ke mulkin fili a Onitsha ba, don haka ingancinta ko rashinsa bai taɓa ƙarar ba. Sakamako bai motsa ba. Kore ke nan.

Sai na gwada dalili na ɗaya don in tabbatar. Na juya shi: a ce al'adar Nnewi ce ke mulkin filin. Ɗan ɗan'uwan zai ci? Nan ma a'a, domin kotu ta riga ta ce al'adar ba ta da inganci. Sakamako bai motsa ba. In na bi gwajin ido rufe, wannan ma kore ne, kuma hukuncin ya tashi ba shi da reshiyo ko ɗaya, abin da ba zai yiwu ba tunda kotu ta kori ƙara kuma da dalili ta kore ta.

Matsalar kamar rumfa ce mai ginshiƙi biyu wanda kowannensu zai iya ɗaukar jinkar shi kaɗai. Ka cire na dama, rumfa na tsaye. Ka mayar da shi ka cire na hagu, tana nan tsaye. Wannan bai nuna cewa ba abin da ke riƙe da ita ba. Gwajin Wambaugh yana aiki ne kawai inda dalilin hukunci ɗaya ne. Inda dalilai biyu suke tsaye kowanne da ƙafarsa, gwajin yana kashe su duka.

Babban lauyan da ke teburin kusa da ni, wanda muke kira Yaya, ya leƙo ya ga takardata duk gogewa. Ra'ayinsa shi ne in shafa wa dukansu ja in huta. Ya kawo shari'ar Ingila ta Jacobs v. London County Council ta 1950, inda aka ce in alƙali ya ba da dalilai biyu na hukuncinsa, ba a mayar da ɗaya obita don kawai ɗayan ya isa. Na ce, "Yaya, haka ne, amma wannan in dukansu dalilan hukunci ne. Tambayata ita ce ko na biyun dalili ne da aka yanke ƙara da shi, ko kuwa alƙali ne ya ga abin da ya ɓata masa rai ya faɗi albarkacin bakinsa." Ya ce bambancin nan a takarda kawai yake. Muka tashi ba mu daidaita ba, sanyi ma ya fara sauka, kowa na neman keke kafin magariba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na ajiye Wambaugh na koma kan abin da ɓangarorin suka kawo wa kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta yanke hukunci a kan duk abin da ta ga dama. Akwai dalilan ɗaukaka ƙara, daga cikinsu lauyoyi ke tsara tambayoyin da suke so a amsa, su kuma waɗannan suna komawa ne ga abin da aka yi jayayya a kansa a takardun ƙara tun a kotun farko. Don haka na yi wa kowane dalili tambaya uku. Wani ɓangare ya tayar da shi? An yi muhawara a kansa, kowa ya faɗi nasa? Kotu ta amsa shi ne a kan hanyarta ta zuwa umarnin ƙarshe?

Dalili na ɗaya ya haye duka ukun. Wace doka ce ke mulkin filin, wannan shi ne tushen rigimar: mai ƙara na cewa ta Nnewi, ɗaya ɓangaren na cewa ta Onitsha.

Dalili na biyu ya tsaya tun a tambayar farko. Ba a gina kariyar a kan cewa oli-ekpe ta saɓa wa adalci ba. An gina ta ne a kan cewa ba ta shafi filin ba.

Na shafa wa na ɗaya ja, na biyu kore, na rubuta "sai an tabbatar" a gefe.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An tabbatar. Ƙarar ta kai Kotun Ƙoli da sabon suna, domin matar da ake ƙara ta rasu an sa 'yar gidan a madadinta: Mojekwu v. Iwuchukwu (2004) 11 NWLR (Pt. 883) 196. Canjin sunan nan ne ke sa mai bincike ya wuce ta bai gani ba, in sunan farko kawai ya rubuta a manhajar neman shari'o'i.

Mai Shari'a Uwaifo ne ya jagoranta. Kotun Ƙoli ta kori ɗaukaka ƙarar, ta tabbatar da cewa tsarin hayar goro ne ke aiki kuma mata na gado a cikinsa. Amma ta ƙi amincewa da furucin da aka yi kan oli-ekpe. Ta ce batun bai taso daga abin da ɓangarorin suka yi jayayya a kai ba, kotun ƙasa ce ta ɗauko shi da kanta ba tare da ta saurari kowa a kansa ba, kuma ba a buƙatarsa wajen yanke ƙarar. Ta ƙara da cewa lafazin ya yi faɗi ƙwarai, har yana iya shafar duk wata al'ada da ba ta ba mace wani matsayi ba, ba tare da an duba kowacce a kan kanta ba.

Abin lura: Kotun Ƙoli ba ta ce oli-ekpe al'ada ce mai kyau ba. Ba ta yanke wannan ba sam, domin ba a kawo mata shi ba. Wanda zai taƙaita shari'ar 2004 da cewa "Kotun Ƙoli ta halatta oli-ekpe" ya faɗa ramin da ake gudu, ta ɗaya bakin.

Na kai wa Yaya kwafin. Ya karanta a tsaye, ya ce to ai sakamakon ɗaya ne, mata sun ci. Gaskiya ne. Sai dai a ƙararmu babu hayar goro, babu fili a wani gari da wata doka daban. Al'adar da ake jayayya a kanta ita ce ta wurin da gidan yake. Reshiyon Mojekwu, wato a bi dokar wurin da fili yake, bai ba mu komai ba, yana ma iya zama makamin ƙanin mamacin. Abin da muke so daga shari'ar shi ne koren sashen, kuma shi ne Kotun Ƙoli ta ƙi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Na rubuta reshiyon Mojekwu sau da dama kafin ya zauna. Wahalar ita ce faɗinsa. "Mata na gadon fili" ya yi faɗi, kotu ba ta faɗi haka ba. In kuma na cika shi da sunan unguwa da shekarar rasuwa, ya ƙuntata har ba zai amfani wata ƙara ba. Masanin shari'a Goodhart, a maƙalarsa ta 1930, ya ce a nemi hujjojin da alƙali ya ɗauka da muhimmanci, a haɗa su da hukuncin da ya gina a kansu. A nan muhimman su ne: filin na hayar goro ne, yana Onitsha, mai shi baƙo ne daga wani gari, kuma tsarin hayar bai bambanta ɗa da 'ya ba. Abin da na tsayar:

"Gadon filin da aka riƙe a bisa hayar goro ta dangin Mgbelekeke yana bin ƙa'idar wannan hayar ne, ba al'adar garin asalin mai riƙon ba, a ƙa'idar kuma 'ya'yansa na gado ko maza ko mata."

A ƙarƙashinsa, da kore: furucin kan oli-ekpe, tare da gargaɗin cewa Kotun Ƙoli ta ƙi shi a 2004.

Data ta ƙare, na sa ta naira 3,000.

Talata, 2 ga Disamba

Shari'o'i biyu na 2014, duka na Kotun Ƙoli, duka an yanke su ranar 11 ga Afrilu.

Anekwe v. Nweke ta zo da sauƙi. Bazawara ce a Awka dangin mijinta suka nemi fitar da ita daga gida don ba ta haifi namiji ba, kuma a kan al'adar suka kafa da'awarsu. Ke nan al'adar na tsakiyar rigimar, an tayar da ita, an yi muhawara, kotu ta amsa. Mai Shari'a Ogunbiyi ta ce al'adar ta saɓa wa adalci da lamiri nagari. Ja ba tantama. Iyakarta ita ce a kan bazawara aka yanke ta, kuma al'adar Awka ce. A Dokar Shaida ta 2011 al'ada aba ce da galibi ake tabbatarwa da shaida, sashe na 18(3) kuma shi ne ya hana aiki da wadda ta saɓa wa adalci. Don haka sai mun nuna wa kotu cewa al'adar da ke gabanta irin waccan ce a abin da ya dace a duba: hana mace gida saboda rashin ɗa namiji.

Ukeje v. Ukeje ta fi wuya. Kowa ya san ta da cewa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta ci karo da sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi, don haka ba ta da inganci. Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya faɗi hakan ƙarara. Amma mafi yawan hukuncin a kan wani abu daban yake: shin matar da ta kawo ƙara 'yar mamacin ce? Takardar haihuwa, hotuna, fom, nauyin kowace shaida. Maganar al'ada ta zo ne can wajen ƙarshe, a gajarce. Mai son ya kira ta obita zai ce tambayoyin da aka tsara na shaida ne. Mai son ya kira ta reshiyo zai ce abin da matar ta roƙa shi ne a bayyana cewa tana da rabo a gadon, kuma zama 'ya kaɗai ba zai ba ta rabon ba in akwai al'adar da ta toshe hanya, don haka dole kotu ta kawar da al'adar kafin ta tabbatar da umarnin.

Ni na fi karkata ga na biyu. A Mojekwu akwai wata doka da ta riga ta yanke ƙarar, furucin ya zo a kan abin da aka gama. A Ukeje furucin yana kan hanyar da ta tashi daga "'yarsa ce" zuwa "tana da rabo". Duk da haka na ja masa layi biyu, ja da kore, na rubuta hujjar kowane ɓangare a jimla ɗaya ɗaya. Ko da lauyan can ya ci nasarar kiransa obita, magana ce ta Kotun Ƙoli a kan nassin kundin tsarin mulki, kuma sashe na 42 yana nan da kansa, ba ya jiran wata shari'a kafin ya yi aiki.

Juma'a, 5 ga Disamba

Na miƙa wa Hajiya taƙaitawa huɗu. Ta karanta ta Mojekwu sau biyu, ta soke sakin layin da na ba da tarihin dangin, ta ce sunayen matan mamacin ba su yanke komai ba. Ta kuma ce in ƙara lambar shafi a gefen kowace jimla ja, daga cikin hukuncin kansa, ba daga jerin edita ba.

Tsarin rubutaccen jawabinmu yanzu: sashe na 42 a gaba, Ukeje a bayansa, sannan Anekwe da sashe na 18(3). Mojekwu ta 1997 ba za ta shiga a matsayin hujja ba. Za mu ajiye amsa a kanta kawai, ko da ɗaya ɓangaren ya ɗauko ta 2004 ya ce Kotun Ƙoli ta goyi bayan al'adar.

Saura aiki ɗaya kafin kotu ta tafi hutun Kirsimeti. Hajiya na so in duba takardun ƙararmu in tabbatar mun rubuta a fili cewa al'adar ta saɓa wa kundin tsarin mulki da adalci, kuma mun roƙi kotu ta bayyana hakan. In ba mu tayar da shi ba, duk abin da alƙalinmu zai faɗa a kai yana iya zama obita, a sama kuma a yi masa abin da aka yi wa furucin 1997. In akwai giɓi, ranar Litinin zan tsara takardar neman izinin gyara.